Takardar Sallama Idan Kamfani Ya Rufe Sashe: Abubuwa Uku da Ma'aikaci Zai Duba Kafin Ya Sa Hannu

Duk wanda ya san unguwar Kakuri a Kaduna, ko Sharada da Bompai da Challawa a Kano, ya san yadda rufe wurin aiki yake shiga gidaje. Masaƙar Kaduna da aka fi sani da KTL ta tsaya cik a shekarar 2002, tsofaffin ma'aikatanta kuma suka kwashe shekaru suna neman hakkokinsu. Amma ba kullum ake rufe kamfani gaba ɗaya ba. Abin da ya fi yawa shi ne kamfani ya ci gaba da tafiya, ya rufe sashe ɗaya kawai, kamar sashen ɗinkin buhu ko na sufuri ko wani reshe da ya daina kawo riba. Ranar da hakan ya faru, ana kiran ma'aikata ɗaya bayan ɗaya a miƙa wa kowa ambulan.

Mafi yawan waɗanda suka karɓi wannan ambulan idonsu kan faɗa ne kan adadin kuɗin da ke ƙasan takarda, sauran kuma su wuce shi. Nan ake yin asara. Takardar da aka rubuta yadda ya kamata tana amsa tambaya uku: me ya sa ni aka zaɓa, nawa za a ba ni kuma ta yaya aka lissafa, sannan wace rana ce aikina ya ƙare. Ukun nan a haɗe suke, domin kwanan watan da aka rubuta yana iya sauya kuɗin, dalilin da aka rubuta kuma yana iya buɗe ko rufe ƙofar fansho da ta sabon aiki.

Abin da doka ta ce

A Najeriya, sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ne yake magana kan rage ma'aikata. Dokar ta bayyana shi a matsayin rasa aiki na dindindin, ba da son ma'aikaci ba, saboda ma'aikata sun yi wa aikin da ake da shi yawa. Wato gurbin ne ya mutu, mutumin bai yi laifi ba. Wannan ya bambanta da korar da ake yi saboda sata ko fashin aiki, inda ma'aikaci kan iya rasa hakkokinsa na sallama. Saboda haka abu na farko da za a nema a takardar shi ne ta faɗi ƙarara cewa rufe sashe ne ya jawo sallamar.

Sashen ya ɗora wa mai kamfani abu uku. Dole ya sanar da ƙungiyar ƙwadago ko wakilin ma'aikata dalilin ragewar da yawan mutanen da za ta shafa. Dole ya bi ƙa'idar cewa wanda ya zo daga baya shi ne zai fara tafiya a cikin rukunin ma'aikatan da abin ya shafa, tare da la'akari da ƙwarewa da iya aiki da riƙon amana. Na uku kuma, ya yi iya ƙoƙarinsa wajen tattaunawa kan kuɗin sallamar da za a ba waɗanda za su tafi.

Akwai iyaka guda da ya kamata mai karatu ya sani. Wannan doka ta fi kare leburori da masu aikin hannu da ƙananan ma'aikatan ofis. Manajoji da ƙwararru irin su akanta da injiniya ba sa cikin waɗanda dokar take kira ma'aikata, don haka madogararsu ita ce takardar ɗaukar aiki da littafin ƙa'idojin kamfani. Haka nan kowace ƙasa da nata tsarin. A Ghana, misali, dokar ƙwadago ta 2003 ta buƙaci a sanar da babban jami'in ƙwadago da ƙungiyar ma'aikata wata uku kafin a yi irin wannan sauyi. Abin da ke tafe a nan tsarin Najeriya ne.

Me ya sa ni?

Bari mu ɗauki misali don fahimta. Wani kamfanin roba ya yanke shawarar rufe sashen da yake yin buhuna, mai ma'aikata 30, saboda ciniki ya faɗi. Da duk mutum talatin ɗin za su tafi, da babu maganar zaɓe: sashe ya mutu, kowa ya tafi. Amma kamfanin yana da gurabe 8 a sashen yin bokitai, zai mayar da mutum takwas can, ya sallami 22. A nan ne rigima take tasowa, domin kowane ɗaya daga cikin ashirin da biyun zai tambaya me ya sa ba shi aka riƙe ba.

Takarda mai kyau tana bayyana yadda aka yi. Za ta ce an kasa ma'aikatan sashen rukuni-rukuni, masu tuƙa inji daban, masu ɗaure kaya daban, sannan a kowane rukuni aka jera su bisa ranar da suka fara aiki. Kwatanta mutum ana yin sa ne da tsararsa a aiki. Mai ɗaure kaya da ya shekara goma ba zai yi ƙorafi don an riƙe makanikin da ya shekara uku ba, tunda ba aiki ɗaya suke yi ba. Amma idan masu tuƙa inji biyu ne, ɗaya ya shekara tara ɗaya ya shekara biyu, aka riƙe sabon aka sallami tsohon, to kamfani yana da bayanin da zai yi.

Doka ta ba shi damar yin wannan bayanin, tunda ta ce a duba ƙwarewa da iya aiki da riƙon amana. Yana iya cewa sabon ya samu horo kan injin bokiti, tsohon bai samu ba, ko kuma tsohon yana da takardun gargaɗi biyu a fayil ɗinsa kan fashin aiki. Waɗannan dalilai ne da za a iya nuna shaidarsu. Abin da ba ya gamsarwa shi ne jimla irin ta “bayan dogon nazari, hukumar gudanarwa ta ga dacewar sallamarka”. Wannan jimla ba ta faɗi komai ba, kuma ma'aikaci yana da hujjar rubutawa ya nemi a gaya masa ma'aunin da aka yi amfani da shi da inda shi ya faɗa a kansa.

Wani lokaci rufe sashe fakewa ce kawai, ana so a rabu da wasu mutane. Akwai alamomin da ake gane haka. Idan bayan makonni kaɗan aka ɗauki sabon mutum yana yin aikin da aka ce ya mutu, sai dai an sauya wa muƙamin suna, to gurbin bai mutu ba. Idan jerin waɗanda aka sallama ya cika da shugabannin ƙungiyar ma'aikata, wannan ma abin dubawa ne, domin Dokar Ƙwadago ta hana a kori mutum saboda kasancewarsa ɗan ƙungiya. Haka kuma dokar ta hana a ba mace takardar sallama tana cikin hutun haihuwa, ko a ba ta notis da zai ƙare a cikin wannan hutu.

Nawa ne, kuma yaya aka lissafa?

Mutane da yawa suna zaton akwai wani adadi da gwamnati ta yanka, kamar albashin wata guda kan kowace shekara. Dokar Ƙwadago ba ta yanka adadi ba, ta ce a tattauna ne kawai. Adadin yana fitowa daga ɗaya cikin wurare uku: takardar ɗaukar aiki, littafin ƙa'idojin kamfani, ko yarjejeniyar da ƙungiyar ma'aikata ta ƙulla da masu kamfani. Shi ya sa wuraren da suke da ƙungiya mai ƙarfi ma'aikatansu kan fita da abin kirki, wuraren da babu kuma sai abin da mai gida ya ga dama. Takardar sallama ya kamata ta faɗi daga inda aka ɗauko ma'aunin.

Mu koma kamfaninmu na misali, mu ɗauki mai tuƙa inji guda. Ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2016. Gundarin albashinsa naira 110,000 ne a wata, alawus ɗin gida da na mota kuma naira 40,000, jimla 150,000. An ba shi takarda ranar Juma'a 30 ga Mayu 2025, aka ce aikinsa zai ƙare ranar Litinin 30 ga Yuni. Yarjejeniyar da aka yi da ƙungiya ta ce a ba kowa albashin wata guda kan kowace shekarar da ya yi.

Tambaya ta farko ita ce wane albashi ake nufi. Idan gundarin albashi ne, shekara tara za ta ba shi naira 990,000. Idan albashi ne haɗe da alawus, zai samu 1,350,000. Bambancin naira 360,000 ne, kuma yana ɓoye a cikin kalma ɗaya da mutum zai iya karantawa ya wuce. Tambaya ta biyu ita ce makomar watanni shidan da suka ɗoru kan shekara tara. Wata yarjejeniya cikakkun shekaru kawai take ƙirgawa, wata kuma tana biyan ɓurɓushin shekara daidai gwargwado. A misalinmu mu ce gundarin albashi ne, kuma ana biyan rabin shekara, wato ƙarin 55,000. Kuɗin sallamarsa ya kama 1,045,000.

Wannan ba shi ne duka hakkinsa ba. Akwai albashin watan Yuni, naira 150,000, wanda guminsa ne, ba kyauta ba. Akwai hutun shekara da bai ci ba. Doka ta ba ma'aikaci aƙalla kwana shida na aiki a matsayin hutu da albashi bayan wata goma sha biyu, kamfanoni da yawa kuma suna ba da fiye da haka. Mu ce yana bin kwana 10, kamfanin kuma yana raba gundarin albashi gida 22 don samun kuɗin yini, wato 5,000, sai ya samu 50,000. Jimla ta zama 1,245,000. Yana da ragowar bashin kamfani na 120,000, aka cire, saura 1,125,000, kafin a zare haraji da kasonsa na fansho daga albashin watan.

Amfanin wannan lissafi shi ne a ga cewa kowane kuɗi da layinsa. Dabarar da wasu kamfanoni suke yi ita ce su dunƙule komai su rubuta adadi guda, su kira shi kuɗin sallama. Mutum ya ga miliyan ɗaya da ɗoriya ya yi murna, bai lura cewa albashinsa na wata da kuɗin hutunsa suna ciki ba. Idan kuma kamfanin yana da tsarin garatuti, a tambaya ko kuɗin sallamar ƙari ne a kansa ko madadinsa, domin abubuwa ne biyu, kuma yarjejeniya ce kaɗai take iya haɗe su. Takardar ta kuma faɗi ranar da kuɗin zai shiga asusu. Alkawarin “za a biya nan gaba kaɗan” shi ne ya bar tsofaffin ma'aikata da yawa suna sintiri a ƙofar kamfani.

Wace rana aiki ya ƙare?

Wannan shi ne layin da aka fi rainawa, alhali sauran lissafin a kansa yake rataye. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya tsara mafi ƙarancin notis bisa daɗewar mutum a aiki. Wanda bai wuce wata uku ba, kwana ɗaya. Daga nan zuwa ƙasa da shekara biyu, mako ɗaya. Daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, mako biyu. Shekara biyar zuwa sama, wata guda. Idan takardar ɗaukar aiki ta ba da fiye da haka, ita za a bi. Notis na mako ɗaya ko fiye dole ya kasance a rubuce, kuma ba a ƙirga ranar da aka miƙa shi. Mai injinmu ya haura shekara biyar, an ba shi takarda 30 ga Mayu, ƙidaya ta fara 31 ga Mayu, ta cika 30 ga Yuni. Notis ɗinsa ya yi daidai.

To amma ranar da mutum ya daina zuwa aiki da ranar da aikinsa ya ƙare ba lallai su zama ɗaya ba. Hanya uku ake bi. Ta farko, ya ci gaba da zuwa har 30 ga Yuni. Ta biyu, tunda an riga an kashe injuna, a ce ya zauna a gida amma sunansa yana cikin ma'aikata har 30 ga Yuni, ana biyansa cikakken albashi. Ta uku, a ce aikinsa ya ƙare yau 30 ga Mayu, ga kuɗin wata guda a madadin notis. Doka ta yarda da wannan ta ukun.

A ido, ta biyu da ta uku kamar ɗaya suke, tunda duk mutum yana gida da kuɗin wata a aljihu. A lissafi sun sha bamban. Dokar ta ce wajen lissafa kuɗin madadin notis ba a sa alawus da kuɗin ƙarin lokaci, don haka mai injin zai karɓi 110,000 maimakon 150,000, sai fa idan takardar ɗaukarsa aiki ta fi haka alheri. Ba za a zuba masa fanshon watan Yuni ba, kuma kason kamfani kaɗai naira 15,000 ne. Shekarunsa na aiki sun ragu da wata guda. Inshorar lafiyar da kamfani yake biya wa iyalinsa ma tana iya tsayawa tun daga ranar.

Wanda abin ya fi shafa shi ne mutumin da yake dab da cika shekara. Ɗauki abokin aikinsa da ya fara ranar 15 ga Yuni 2020. Idan aikinsa ya ƙare 30 ga Yuni 2025, ya cika shekara biyar. Idan an datse shi 30 ga Mayu, ko an ba shi notis na mako biyu da zai ƙare 13 ga Yuni, shekara huɗu cikakku kawai yake da su. A inda yarjejeniya take ƙirga cikakkun shekaru, kwana biyu sun cinye masa kuɗin shekara guda. Irin wannan mutum yana da dalilin roƙon a matsar da ranar, kuma wakilan ƙungiya da suka san aikinsu sukan nemi a duba irin waɗannan tun a teburin tattaunawa.

Takardar ta kuma fayyace abin da za a mayar da ranar mayarwa, irin su katin shaida da makullai da babur ko gidan kamfani. Ma'aikaci ya tabbata duk abin da ya miƙa an sa masa hannu a takardar wanke kai, ya riƙe kwafi. Sau da yawa ana riƙe kuɗin mutum da sunan bai mayar da wani kaya ba, shi kuma ba shi da shaidar ya mayar.

Fansho da abin da ke biyo baya

Kuɗin fansho ba ya cikin kuɗin sallama, kuma kamfani ba shi da iko a kansa. A ƙarƙashin Dokar Fansho ta 2014, mai kamfani yana zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, ma'aikaci kuma kashi 8, cikin asusun da ke ɗauke da sunansa a kamfanin kula da fansho. Wanda ya rasa aiki bai kai shekara 50 ba, idan ya yi wata huɗu bai samu wani aikin ba, yana iya neman a ba shi har kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusun. Daga cikin takardun da za a nema a wurinsa akwai wannan takardar sallama, wanda hakan wani dalili ne na adana ta da kyau.

Kafin ranar ƙarshe ta zo, ya kamata mutum ya karɓi bayanin asusunsa na fansho ya duba wata-wata. Kamfanin da ya shiga matsin kuɗi har ya kai ga rufe sashe, ba abin mamaki ba ne a tarar ya yi watanni yana cire kason ma'aikaci bai tura ba. Idan an ga giɓi, a nemi a rubuta adadinsa da ranar biyansa, idan aka ƙi kuma a kai ƙorafi ga hukumar fansho ta ƙasa, PenCom.

Kafin a sa hannu

Galibi wuri biyu ake nuna wa mutum ya sa hannu, kuma ba ɗaya suke ba. Na farko shaida ce cewa ya karɓi takarda, babu laifi ya sa, ya rubuta kwanan watan da ya karɓa da hannunsa, don kada a ce an ba shi tun makon jiya. Na biyu shi ne inda yake amincewa cewa abin da aka lissafa shi ne cikakken hakkinsa, ba ya bin kamfani komai. Wannan kam ba a sa masa hannu a tsaye a ofishin manaja. Mafi yawan irin waɗannan takardu da Turanci ake rubuta su, don haka wanda bai gamsu da fahimtarsa ba ya tafi da ita gida, ya kai wa sakataren ƙungiya ko lauya, a ajiye ta kusa da takardar ɗaukar aiki da takardun albashi a gwada layi da layi.

Wani tarko da ake ɗana wa ma'aikata shi ne a ce su rubuta takardar ajiye aiki da kansu, wai don kada sunansu ya ɓaci. Rage ma'aikata ba ya ɓata sunan kowa. Wanda ya rubuta cewa shi ya ajiye aiki don kansa ya ba kamfani hujjar cewa ba sallamarsa aka yi ba, kuma kuɗin sallama na waɗanda aka sallama ne.

Idan an sami saɓani, matakin farko shi ne rubuta wa kamfani cikin ladabi, a nuna layin da ake jayayya a kai, a riƙe kwafi. Daga nan sai ƙungiya da ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiha. Idan ya gagara, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce take da hurumin shari'ar aiki, tana da rassa a garuruwa irin su Abuja da Kano da Kaduna, tana kuma da cibiyar sulhu ga masu son sasantawa. Kotu da takarda take aiki, ba da abin da manaja ya faɗa da baki ba.

Ga masu kamfani, rubuta wa ma'aikaci dalilin zaɓensa da lissafin hakkinsa da ranar tafiyarsa bai fi shafi biyu ba, kuma ya fi shari'a arha. Ga ma'aikacin da har yanzu yake bakin aikinsa kuwa, Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ka nemo takardar ɗaukarka aiki tun yau, ka karanta abin da ta ce kan notis da sallama, ka adana takardun albashinka, ka kuma riƙa duba asusunka na fansho. Ranar da ambulan ya zo, waɗannan takardu su ne za su tsaya maka.